Barka da arziki daga ɗakin direba

Wanda duk ya yi aikin direban gida a Riyad ya san ɗakin da nake nufi, ɗan ƙaramin nan da ke manne da katanga kusa da ƙofar shiga, mai taga ɗaya da na'urar sanyaya ɗaki wadda ƙararta ta fi sanyinta yawa. A nan nake kwance saƙon abokina ya shigo ta WhatsApp, murya ce, sai haki yake yi don murna. An amince masa ya kawo iyalinsa. Uwargida da yara uku, biza ta fito, saura tikiti.

Na ji daɗi, wallahi na ji. Kuma a daidai lokacin wani abu ya tokare mini ƙirji har na kasa danna wurin amsawa.

Unguwarmu ɗaya a Kano, tare muka yi makarantar allo, kuma jirgi ɗaya ya sauke mu a ƙasar nan. Bambancinmu takarda ce kawai. Shi bizar kamfani ya samu, ni kuwa ta aikin gida, kuma a lokacin ni ake wa kallon mai sa'a, don ina cikin mota da sanyi shi yana jan wayar lantarki a rana. Da aka sauya dokar ƙwadago a watan Maris na 2021, ma'aikacin kamfani ya samu damar komawa wani wurin bayan ya cika shekara ba sai kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki, ya yarda ba. Direbobin gida da masu aikatau ba a sa mu a ciki ba. Mutumina ya koma wani kamfanin, ya sa aka aiko masa da takardar difilomarsa daga gida, ya yi ta zirga-zirga har aka gyara sana'ar da ke rubuce a igamarsa, wato takardar izinin zama, daga lebura zuwa ƙwararren mai lantarki. Wannan gyaran shi ya buɗe masa ƙofar kawo iyali. Tawa igamar kuwa, ko shekara nawa zan yi, ba a kawo iyali da ita.

Kuɗinsa ba su taɓa tsone mini ido ba. Ya sayi mota na yi murna har da kai shi wurin wanki. Amma yara? Autata ina nan aka yaye ta, a waya ta san ni, in an ce ina Baba sai ta nuna wayar uwarta. Shi kuma ga shi zai riƙa dawowa daga aiki ana rige-rigen karɓar ledar hannunsa.

Abin da na fara rubutawa a zuciyata shi ne: "Barka, amma ka yi lissafin kuɗin zaman iyali kuwa?" Ai gaskiya ce. Tun 2017 aka ɗora wa baƙi kuɗi a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, aka fara da riyal 100 a wata, ya hau har 400. Mutum huɗu ke nan riyal 1,600 duk wata, 19,200 a shekara, ban da haya da kuɗin makaranta. Albashina gaba ɗaya 1,500 ne. Sai dai mutumin da ya shekara yana bin takardu ya fi ni sanin wannan lissafin, kuma ni na san ba tausayinsa ne ya kawo mini shi baki ba. So nake in rage wa abin zaƙi. Ta nan nake gane ƙyashi a bakina da bakin wasu, ba ya zuwa da zagi, da shawara yake zuwa, kuma kullum akwai "amma" a gabansa. Shawarar kuɗin tana da ranarta, in ya tambaya ko in an kwana biyu. Ranar albishir ba ranarta ba ce.

Akwai wata maganar da ta fi wannan laushi, ita ma da dafinta: "Kai dai mai sa'a ne." Ko kuma "Allah Ya ba ka, mu muna nan." Duk wanda aka taɓa gaya wa haka ya san yadda take sauka. Ta farko tana share wahalar mutum, kamar daga sama abin ya faɗo masa. Ta biyu tana sa shi ya fara ba da haƙuri a kan alherin da ya samu. Ga kuma "kar dai a manta da mu," wadda muke faɗa da dariya a Bataha, unguwar kasuwa da baƙi ke taruwa, duk ranar Juma'a, alhali roƙo ce sanye da rigar wasa.

Na ajiye wayar ban amsa ba, amma na ba kaina iyaka, daga nan zuwa bayan isha'i. Shi ya ga alamar na saurara. In na kwana ban ce komai ba, shirun ya riga ya yi magana, kuma duk abin da zan faɗa da safe gyara ne. A masallacin unguwa na yi masa addu'a cikin sujada, da sunansa da na 'ya'yansa. Tun muna yara aka karantar da mu cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan idonsa, mala'ika na cewa amin, kai ma ka samu irinta. Ba zan ce ina sallamewa nauyin ya tafi ba. Ya dai ragu yadda zan iya buɗe baki in sa albarka ba tare da haƙora sun cije ba. Malamai kan kawo labarin sahabin da ya yaba jikin ɗan'uwansa bai sa albarka ba, mutumin ya faɗi, Annabi (SAW) ya yi masa faɗa a kan me ya hana shi sa albarka. Larabawan nan ma ba sa wasa da wannan. Ka yabi motar mutum ba ka ce Masha Allah ba, sai ya tuna maka.

Sai batun murya ko rubutu. Shi murya ya aiko, kuma a tsakaninmu mayar da rubutu a kan murya, a babban abu irin wannan, sanyi ne. Amma murya ba ta ɓoye komai, na ɗauka na saurara sai na ji kamar mai karanta sanarwar rasuwa, ina ta jero Masha Allah ba rai a ciki. Yawan yabo ma alama ce, wanda ya san ka zai ji ka wuce inda ka saba tsayawa. Na share. Na zauna na tambayi kaina wane abu ne na gaskiya da zan iya faɗa wanda ba sai na matsa wa kaina ba. Sai na tuna lokacin da yake fita kafin asuba a watan Yuli, ya dawo wuyansa duk ya saɓule, da yadda ya ƙi sayen sabuwar waya don ya biya kuɗin tantance takardu. Wannan na gani da idona, kuma ina girmama shi a kai ko da ƙyashi ko babu. Da shi na gina saƙon:

"Mutumina, Masha Allah, tabarakallah. Barka da arziki. Ni shaida ne a kan wahalar da ka sha kafin a zo nan, ranar da ka sha da yunwar da ka daure, ba a banza ka samu ba. Allah Ya sanya albarka, Ya kawo su lafiya, Ya raya mana su. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji sai nawa suka faɗo mini a rai, har na ce ina ma ni ne. Ka sa ni a addu'a. Ka gaya mini ranar saukarsu, in nemi izini, ni zan ɗauko su."

Jimlar nan ta tsakiya na daɗe a kanta. Wasu za su ce bai kamata ba, a bar wa ciki. Ni a ganina ya danganta da wanda kake magana da shi. Da mudirin kamfani ne ko wani sanin shanu, da addu'ar kaɗai ta wadatar, kuma ba ƙarya a cikinta. Wannan kuwa ya san autata ba ta san ni ba. In na yi kamar ban ji komai ba, zai gane, daga nan kuma sai ya fara ɓoye mini hotunan yaransa don kada ya sosa mini rai, zumunci ya koma gaisuwar Sallah. Abin da na kiyaye shi ne ta zama jimla ɗaya tak, ta zo bayan barka, kuma kada saƙon ya ƙare a kanta. In ta kai uku, ranar ta tashi daga tasa ta koma tawa, shi da ya zo da albishir ya koma mai lallashi. Sannan "ina ma ni ne" na ce, ban ce "me ya sa kai" ba. Na duba zuciyata sosai kafin in tura, ban sami son a ƙwace masa ba, irin nasa nake so. Da na sami ɗayan, da ban tura komai ba sai addu'a, sauran in kai wa Allah.

Ya kira nan take. Ya ce, "Wallahi kai na fi jin nauyin gaya wa." Muka yi dariya, muka shiga maganar haya, ko Manfuha ko wani wuri mai sauƙi. Shi da bakinsa ya kawo zancen riyal 400 ɗin, ya ce kansa har ciwo yake.

Ban ce abin ya wuce ba. Yakan dawo, musamman in na kai yaran maigida makaranta da safe na ga ubanni suna gyara wa 'ya'yansu jaka. Kuma ni ma ina da abin da nake taƙama da shi, da wannan 1,500 ɗin na rufa ɗaki biyu a gida, na aurar da ƙanwata, ban ci bashin kowa ba. Ranar da na tuna haka ina tafiya da ƙirji a buɗe, washegari kuma in tashi ba na son ganin kowa.

Wadda ta fi ni aiki a wannan lamarin maman yara ce. Ni daga nesa nake jin labari, ita kuwa a gabanta ake ɗinke-ɗinke, ana shiga gidan ana fita ana barka, mata suna tambayarta, "Ke kuma yaushe?" Da na kira ta ina lalubar yadda zan fara, sai ta ce ai tun jiya ta sani, har ta je ta taya ɗaurin kaya. Na ce yaya kika ji? Ta ce, "Yadda ka ji." Ba ta ƙara ba, ta shiga lissafa abin da za ta ba su su kawo mini, yaji da kuka da daddawa, da ƙuli-ƙuli in nauyin kaya ya bari. Babban ɗana ya karɓe wayar yana tambaya ko in an tafi da abokinsa shi da wa zai riƙa zuwa Islamiyya. Na ce ya bi yaran maƙwabta, ya ce ba sa jiransa. Uwar ta ce kuɗin makarantarsa na wannan zangon ma ba a kai ba, na ce ta bari a yi albashi, ranar da ya shiga zan tura.