Cajin akumuleta a zafin Katsina: yadda na saita na injin bulo

Duk wanda zai yi wa akumuleta, wato tulun da ke tara ƙarfin mai a injin haidirolik, cajin iska, lambobi biyu ya kamata ya samu kafin ya taɓa tulun naitirojin: mafi ƙarancin matsin da injin ke buƙata don ya yi aikinsa, da zafin da mai ke kaiwa idan aiki ya kankama. Ta farko yawancin makanikai sun santa. Ta biyun ce ake mantawa da ita, kuma a gari irin Katsina, inda asubahin hunturu ke sa mutum rawar ɗari, la'asar ɗin Afrilu kuma ƙarfe ba ya taɓuwa, mantawar tana cin bilada, wato jakar robar da ke cikin tulun.

Aikin da zan ba da labarinsa na wani injin buga bulo ne mai haidirolik, a wata masana'anta da ke kan hanyar Jibiya. Kukan mai wurin shi ne ƙarfin injin ya ragu. Da, silindar da ke danna siminti cikin mazubi tana saukowa da ƙarfi lokaci guda, yanzu sai ta faro da sauri ta sare a tsakiya, bulo ya fito bai daku ba, gefensa na zuba. An riga an canza tacen mai, har an fara maganar sayen sabon famfo.

A gefen tankin akwai akumuleta mai lita 10, irin mai bilada. Tulun ƙarfe ne, a cikinsa da jakar roba kamar biladar ƙwallo, cike da naitirojin. Mai yana shigowa ta ƙasa ya matse jakar. Shi mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, to ƙarfin da famfo ya tura a lokacin da injin ke jiran a zuba siminti yana taruwa ne a jikin iskar nan. Da an buɗe bawul, iskar ta buɗe ta turo man waje da saurin da famfon shi kaɗai ba zai iya ba. Shi ya sa ƙaramin famfo ke iya tuƙa babbar silinda. Matsin iskar da ke cikin jakar a lokacin da babu mai ko kaɗan a tulun shi ne cajin farko, kuma komai a kansa ya rataya.

Ban fara da kwance komai ba. Na sa aka kunna injin har gejin mai ya hau 160 bar, inda famfo ke sauke kaya, sannan aka kashe. Na buɗe bawul ɗin da ke mayar da mai tanki kaɗan-kaɗan, na zuba wa allurar geji ido. Tana sauka a hankali, 120, 90, 60, har wajen 35, sai kawai ta faɗi sifili lokaci guda. Wannan faɗuwar ita ce amsar. Muddin akwai mai a tulu, iska na tura shi kuma allura na sauka sannu. Da man ya ƙare jakar ta rufe bakin, babu sauran abin da ke riƙe allurar. Lambar da ta tsaya a kai kafin ta faɗi ita ce cajin da ya rage, kusa-kusa. Gwajin nan ba ya buƙatar kayan caji, kuma ina ganin duk yaron da ke tuƙa irin wannan injin ya kamata a koya masa shi.

Injin yana buƙatar aƙalla 100 bar kafin bulo ya daku. Ƙa'idar da masu ƙera akumuleta suka saba bayarwa, idan don tara ƙarfi aka sa ta, ita ce cajin ya zama kashi 90 cikin ɗari na wannan ƙaramin matsin. Wato 90 bar. Dalilin barin tazarar shi ne a riƙa samun ɗan mai da ya rage a ƙasan tulu a ƙarshen kowane bugu, kada jakar ta riƙa dukan bawul ɗin ƙarfe da ke bakin mai.

Na zauna da mai wurin na yi masa lissafi a bayan takardar siminti, don ya ga inda ƙarfinsa ya tafi. Matsi sau girman iska ba ya canzawa idan zafi bai canza ba, kuma ana ƙara 1 a kan abin da geji ya nuna saboda matsin iskar duniya. Da cajin 90, idan mai ya kai 160 iskar ta tsuke zuwa lita 5.65, idan ya sauka 100 ta koma lita 9.0. Bambancin, wajen lita 3.4, shi ne man da tulun ke bayarwa. A gaskiya bugun bulo sauri gare shi, iskar tana yin sanyi yayin buɗewa, don haka abin da ake samu ya fi kusa da lita 2.6. Da cajin 35 kuwa, lissafin farkon nan lita 1.3 kacal yake bayarwa. Tulun cike yake da mai, amma man ba shi da mai turo shi a matsin da ake so. Famfon lafiyarsa ƙalau.

Akwai kuma wata illar da ba a gani daga waje. Ba a son babban matsin mai ya wuce ninki huɗu na cajin bilada. 160 a kan 35 ya haura haka, ma'ana a kowane bugu ana cukuikuye jakar a cusa ta saman tulu, tana lanƙwashewa a wuri guda har wata rana ta tsage. Mun ci sa'a ba ta kai nan ba, don da na ɗaura kayan caji na saki iska kaɗan, babu ɗigon mai da ya biyo ta. Idan mai ya fito ta bakin iska, biladar ta tafi, caji ba zai yi magani ba. Ruwan sabulu da na shafa a bakin ya nuna kumfa na tasowa a hankali daga ƙwayar bawul. Ta nan iskar ta yi ta sulalewa.

A nan ne mai wurin ya kawo shawarar da nake ji kusan ko'ina. Ya ce, "Malam, ga mai walda nan kusa da tulun oksijin, ko mai faci da kwamfuresa. Sai mun jira naitirojin daga Kano?" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba ko nawa za a biya ni." Oksijin da mai a ƙarƙashin matsi wuta ce, tulun na iya tarwatsewa da mutane a tsaye kusa da shi. Iskar kwamfuresa ma akwai oksijin a cikinta ga danshi, ga shi ba za ta ko kusanci 90 bar ba. Busasshen naitirojin kaɗai ake sawa. Muka jira.

Da tulun naitirojin ya iso, da safe ne cikin sanyin Janairu, ma'aunin zafi ya nuna digiri 15 a rumfar. Man injin nan kuwa yana kai digiri 50 idan an wuni ana bugu, kuma iskar da ke cikin tulu tana ɗaukar wannan zafin. Iskar da ke kulle matsinta na hawa da zafi. Da na cika 90 a wannan safiyar, zuwa azahar ya zama 101, ya haura 100 ɗin da injin ke sauka gare shi. Sai tulun ya riƙa ƙarewa kafin bugu ya kammala, allurar geji ta riƙa faɗuwa kwatsam, jakar kuma tana dukan bawul ɗin ƙasa sau ɗaruruwa a wuni har ya yanke ta. Mai caji zai rantse ya sa lambar da littafi ya ce, kuma gaskiyarsa, sai dai a zafin da bai dace ba. Lissafin gyaran gajere ne:

```
P = (90 + 1) × (15 + 273) ÷ (50 + 273) − 1 = 80 bar
```

Saboda haka 80 na nufa. Da a ce da ranar Afrilu ne ana digiri 40, da 87 zan sa. Idan kuma allon jikin injin ya ba da lamba, a duba da kyau, yawanci a digiri 20 aka rubuta ta, sai a gyara daga can.

Cajin kansa ba ya son gaggawa. Na kashe injin na cire fis, na sauke matsin mai har geji ya nuna sifili, na bar bawul ɗin tanki a buɗe. Na saki sauran iskar duka kafin in canza ƙwayar bawul, kuma da ƙwayar da aka yi don babban matsi na canza, ta tayar mota kama kawai suka yi. Na ɗaura tulun naitirojin a tsaye da sarƙa, na haɗa regileta da tiyo. Bar biyu ko uku na farko su ne masu haɗari ga jakar, domin tana kwance a nannaɗe, idan iska ta shigo da ƙarfi sai ƙarshenta ya fashe kafin ta gama buɗewa. Na buɗe kaɗan har na ji bawul ɗin ƙasa ya rufe, sannan na ƙara. Na wuce 80 da ɗan kaɗan na rufe, na jira minti goma sha biyar, don iskar da aka matsa tana da ɗumi kuma allura za ta ja baya idan ta huce. Daga nan na rage zuwa 80 daidai, na sake shafa ruwan sabulu, na mayar da murfi, na rubuta lambar da zafin da kwanan wata da fenti a jikin maɗaurin tulun.

Bugun ya dawo, amma sauran abu guda. Duk lokacin da bawul ya rufe kwatsam, tiyon da ke zuwa silinda yana zabura, ana jin ƙara a bututu. Man da ke gudu ne aka tare shi lokaci guda, matsin ya yi tsalle na ƙiftawar ido wanda gejin allura ba ya iya bi. Babban tulun ba ya taimakawa a nan, domin yana nesa kuma akwai bawul mai hana komawa tsakaninsu. Maganin ƙaramar akumuleta ce mai faifan roba, ƙasa da lita guda, a ɗaure dab da bawul ɗin da gajeren bututu mai faɗi. Ita cajinta ƙasa yake, ana farawa daga wajen kashi 60 cikin ɗari na matsin da layin ke aiki da shi, don ta kasance da wurin karɓar bugun. Layin yana tafiya a wajen 140, na sa mata 85 a zafin aiki, zaburar ta kwanta. Idan aka sa ta a ƙarshen dogon siririn tiyo, bugun ya riga ya wuce kafin ta ji shi.

Kafin in tafi na tara yaran wurin na nuna musu bawul ɗin sauke matsi, domin injin da aka kashe yana iya riƙe 160 bar a tulu, kuma wanda ya sassauta noti a haka man zai iya huda masa fata. Na kuma hana a yi walda ko huji a jikin tulun. Mun yi da Alhaji za a maimaita gwajin allura bayan mako guda, sannan bayan wata uku, daga nan duk wata shida, kuma a riƙa yin sa injin na da zafi, lambar da za a nema 90 ce.