Kafin ka raba garke, duba wa ke lasar wa

Shekarata ta farko ina aikin kula da lafiyar shanu a wata gona da ke bayan garin Ngaundere, na yi wani kuskure da har yau nake jin kunyarsa. Rani ya shigo, ciyawa ta bushe, mai gona ya ce a raba shanun tatsa ashirin da biyu gida biyu: masu nono da yawa a ƙara musu ƙulin auduga da dusa, sauran su fita kiwo yadda suka saba. Na ɗauko littafin tatsa na raba su bisa lita. Lissafi dai ya fita tsaf.

Kwana biyu da rabawar, wata Gudali da muke kira Ƙyalla ta rage cin abinci. Ga ƙuli a komi, amma ita tana bakin shinge tana kuka, kanta a sama. Nononta ya sauko daga lita biyar zuwa uku. Na sa mata ma'aunin zafi, ya nuna 38.6, wato lafiya lau. Na duba hantsa, babu kumburi. Na buɗe baki, na ɗaga kofato, babu ƙurji. Har na fara zuƙar allura don kada a ce ban yi komai ba, sai Baffa, dattijon Bafulatanin da ke kiwon garken, ya dafa ni.

"Ɗana, mayar da allurarka. Ina Gajera?"

Na ce, "Baffa, tana wancan rukunin, ai nononta bai kai ba."

Ya ce, "To ita take nema. Wata guda aka haife su, a dangwali ɗaya aka ɗaure su. Kai ba ka ganin kullum wa ke lasarta?"

Gaskiya ban gani ba. Ni a lokacin, in na ga saniya tana lasar 'yar'uwarta, abu ɗaya ke zuwa mini: ƙarancin gishiri. Kuma a nan ne na fi daɗewa kafin in gane, domin lasa iri biyu ce, maganinsu kuma ba ɗaya ba.

Saniyar da kwaɗayin gishiri ke damu ba ta zaɓe. Za ta lashi ƙasa, ta lashi turke, ta bi inda wata ta yi fitsari, har rigar makiyayi ta kama in da gumi a jiki. In sinadarin fosfaras ne ya yi mata ƙaranci, sai ka same ta tana taunar tsohon ƙashi a daji. Wannan kanwa da gishiri da garin ƙashi take so, shi ya sa tun zamanin kaka da kakanni makiyayan Adamawa ke kora garke zuwa maɓuɓɓugan ruwan kanwa da Fulani ke kira lahore. Ka ba ta abin da take nema, sai ta daina.

Lasar zumunci kuwa ko an cika komi da kanwa ba ta tsayawa. Tana da wurinta a jiki: goshi, kumatu, bayan kunne, wuya, gindin tozo, wato daidai inda harshen saniya ba ya kai wa kanta. Sau da yawa ma roƙonta ake yi. Na sha ganin Gajera ta matso a hankali, ta sunkuyar da kai ta miƙa wuya ƙarƙashin bakin Ƙyalla, in an yi banza da ita ta ɗan zungure ta da hanci. Da harshen nan mai kaushi ya fara bin gashi, sai kunnuwanta su saki, idanu su lumshe, ta ƙara miƙe wuya tana juya shi zuwa inda ke mata ƙaiƙayi. Masu bincike sun auna sun ga bugun zuciyar wadda ake lasa yana sauka. Ga kuma amfanin da ido ke gani: datti da mataccen gashi suna fita, ƙananan kaska ma ana ragewa, ko da yake wadda ta riga ta kafe a fata harshe ba ya cire ta.

Asalin abin daga haihuwa ne. Uwa na tashi daga naƙuda take hau lasar ɗanta, ta busar da shi, ta motsa masa numfashi, ta kuma riƙe ƙamshinsa. Shi ya sa in uwa ta mutu, Baffa yakan barbaɗa wa marayan gishiri a baya ya kai shi gaban wata mai shayarwa. In ta lasa, an ci rabin yaƙi.

To su wa ke zama aminai? Na farko uwa da ɗiyarta, kuma yaye ba ya raba su. Wasu masu bincike biyu, Reinhardt da Reinhardt, sun bi wani garken shanu masu tozo a Kenya shekara da shekaru, suka wallafa a 1981 cewa uwa tana ci gaba da fifita 'ya'yanta wajen lasa da kiwo ko bayan sun girma. Na biyu sa'o'i, waɗanda suka tashi tare, irin Ƙyalla da Gajera da babu jini tsakaninsu. A 2020 an wallafa wani nazari daga ƙasar Cile kan shanun tatsa 38, aka ga saniya ta fi lasar wadda ta taɓa lasarta, ta fi kuma karkata ga sa'arta, sannan manya a shekaru sun fi yawan lasar wasu. Na karanta wa Baffa wannan, ya yi dariya ya ce sai da suka sha wahala kafin su san abin da yaron da ke bin garke ya sani. Baƙuwar da aka sayo a kasuwa kuwa, tunkuyi take fara sha. Sai ta kwana biyu kafin wata ta miƙa mata harshe.

Daga nan na koyi zama da littafi. Rabin awa bayan an zuba abinci da safe, domin lokacin ne lasa ta fi yawa, sai rabin awa da rana in sun kwanta tuƙa. Ina rubuta wa ta lashi wa, wa ta kwanta kusa da wa. Kwana goma sun isa. Lasa ɗaya ba ta nuna komai, maimaici ake dubawa. A garkenmu na ƙirga Ƙyalla ta lashi Gajera sau goma sha huɗu, Gajera ta rama sau tara. Akwai kuma wata tsohuwa da ke lasar kusan kowa, amma ba kasafai ake rama mata ba, don haka ba kowace lasa ce aminci ba.

Wani abin da ban yi tsammani ba shi ne magani. Maganin tsutsa da ake zuba wa a gadon baya, irin ibamektin, in ka zuba wa ɗaya ka bar ta cikin garke, aminiyarta za ta lashe wani kaso. Wadda aka yi wa ta rasa cikakken awo, ɗayar ta sha abin da ba a rubuta mata ba, kuma yana iya fita a nonon da ake kai wa kasuwa. Yanzu ko dai in yi wa rukunin duka rana ɗaya, ko in yi allura. Haka in na ga makero a fuskar ɗaya, aminiyarta nake fara dubawa.

Ita kuwa Gajera, da yammacin ranar da Baffa ya hana ni yin allurar muka maido ta rukunin masu ƙuli, mai gona yana ƙorafin za ta ci abin da nononta bai biya ba. Ƙyalla ta tarye ta tun daga ƙofa, ta shinshine ta, ta hau lasar bayan kunnenta. Kafin magariba kawunansu biyu na cikin komi ɗaya. Nonon Ƙyalla bai koma lita biyar ba sai a kwana na huɗu.