Kofuna 60 da shuɗinsu ya koma shunayya

Wannan makon na ajiye aiki a shagon buga hoto da na yi shekara uku a cikinsa. Ina kwashe kayana na ci karo da kofi ɗaya daga cikin 60 ɗin da suka ja aka yanke mini albashi, na sa shi a jaka na taho da shi.

Mai odar kofunan wata baiwar Allah ce mai zana tsuntsaye da furanni a kwamfuta tana sayarwa a kan kofuna. Zanenta ba ya ɗaukar launi da yawa, uku ne ko huɗu a shimfiɗe, kuma shuɗi mai duhu ya cika bayan hoton gaba ɗaya. Irin wannan zane ba ya ɓoye kuskure. Hoton kyamara idan launinsa ya ɗan karkace ido yakan wuce, amma faffaɗan shuɗi guda ɗaya, da ya motsa kowa zai gani.

Na buga takardun kamar kullum, na juya hoton ya zama na madubi, na naɗe kofunan, na gasa su a digiri 190 na kusan minti uku. Da na ɓare takardar farko sai ga shunayya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a lokacin na riga na gasa 20 na jera suna hucewa, kuma da na nuna wa maigida cewa ya yi, "Ƙarasa kawai, hasken fitila ne." Na ƙarasa. Tawadar sabilimeshan kuwa, wadda zafi ke ɗauke ta daga takarda zuwa jikin kofi, idan ta shiga rufin kofi ta shiga ke nan, ba wanki ba kankara.

Sai bayan kwana biyu na gano dalili. Maigida ya canja tawada zuwa ta wani kamfani ranar da ba na nan, bai faɗa wa kowa ba. Furofayil ɗin ICC da ke kwamfutarmu an auna shi ne da tsohuwar tawada, a kan takardarmu da firintarmu. Aikinsa shi ne ya gaya wa firinta yawan kowace tawada da za ta zuba don shuɗin da ke cikin fayil na sRGB ya fito yadda yake. Da tawada ta canja, lissafin ya tashi daga aiki, ja ya rinjayi shuɗi. A takarda ba za ka kama wannan ba, domin kafin zafi ya taɓa ta launukan duk a dusashe suke, mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya.

Maigida ya dage cewa ni na bar kofunan suka daɗe a wuta. Ba haka ba ne, kuma kofin da kansa shaida ne. Idan zafi ya yi yawa, baƙi yakan koma ruwan ƙasa, layuka su yi hazo. Idan bai kai ba, baƙin yakan yi kore-kore, wajen mariƙi ya koɗe. Nawa layukansu tsaf suke, kuma 60 ɗin duk sun karkace iri ɗaya. Na yi masa wannan bayani, ya ce shi bai san furofayil ba, ya san wanda ya danna inji. Laifina da na yarda da shi guda ɗaya ne: ban gasa kofin gwaji ba, kuma na ji maganarsa alhali idona ya gaya mini gaskiya.

Tun daga ranar, duk sabuwar tawada ko takarda, nakan buga zirin ruwan toka daga haske zuwa duhu in gasa shi. Idan ya karkata zuwa ja ko kore, furofayil bai dace ba. Nakan kuma duba cewa idan na zaɓi Photoshop Manages Colors, wato na bar wa manhajar Photoshop gyaran launi, na kashe gyaran launi a saitin firinta, don kada a gyara launin sau biyu. Ban sake asarar oda a kan launi ba, shi ma ya sani, ko da bai taɓa furtawa ba.

Sauran darussan ba su yi mini tsada haka ba. Faɗin hoton kofi kusan santimita 20 ne, yana son fiksel wajen 2,360 kafin ya kai 300 DPI, wato ɗigo 300 a kowane inci. Idan aka turo maka mai fiksel 800, kusan 100 DPI ke nan, kuma rubuta 300 a akwatin saiti ba zai dawo da abin da babu ba, a nemi ainihin fayil ɗin. A kan yadi kuma, rigar filo mai santimita 40 nakan buga ta 42, rarar gefen nan da muke ce wa bilid, domin foliyesta yakan ɗan tsuke a wuta, ɗinki ma yana cin nasa. Rubutu kuma a janye shi daga baki.

Matar ba ta dawo shagon ba. Kafin in tafi na rubuta sunan tawada da na furofayil ɗinta na manna a jikin firinta, saboda yaron da zai zauna a kujerata.