Ranar da na matse kundina a kan takarda ɗaya

Tun bayan sallar asuba nake fama da kundin bincikena na digiri na biyu, mai shafi 140, kan asarar tumatir tsakanin gonakin Kadawa da kasuwar 'Yankaba, ina ƙoƙarin mayar da shi fosta guda. Girman da aka ce a kawo shi ne A0, wato santimita 84.1 da 118.9, saboda haka kafin in rubuta komai sai da na saita wannan awo a PowerPoint, na kwantar da takardar a kwance, na raba ta gida uku daga hagu zuwa dama.

Yankan ne ya fi ciwo. Babi na biyu, wanda na yi wata huɗu ina bitar ayyukan magabata a cikinsa, ya koma jimla biyu, kuma gaskiya bai cancanci fiye da haka ba a wurin mutumin da zai karanta a tsaye. Gidan hagu ya ɗauki matsalar da hanyar bincike, na tsakiya na bar wa jadawali ɗaya mai nuna inda kwando ya fi lalacewa a hanya, na dama kuma sakamako da shawarwari. Duka kalmomin ba su kai 600 ba. Take na ba haruffansa girman 90, kanun sassa 48, sauran rubutu 28.

Bayan la'asar na buga gwaji a takardar A4, wadda tsawonta da faɗinta rubu'in na A0 ne, don haka rubutun 28 ya fito kamar 7. Abin da ido bai iya karantawa a nan ba, daga nesa ma ba zai karantu a babbar ba. Na miƙa wa ƙanwata, na ce ta bi da yatsa yadda idonta ya kai ta. Tana gama akwatin farko sai yatsan ya tsallaka dama ya faɗa kan jadawalin, bai gangara ƙasa ba.

"Yaya, ai layi ɗaya suke, shi ya sa na bi," in ji ta.

Ta yi gaskiya. Tazarar da ke tsakanin gidajen daidai take da wadda ke tsakanin akwatunan da ke cikin kowane gida, kuma kanunsu sun jeru a saiti ɗaya, sai ido ya ɗauke su a matsayin sahu. Na buɗa tsakanin gidajen zuwa santimita 4, na rage ta cikin gida zuwa 2, na sa wa kanun lamba 1 zuwa 5. Da na sake bugawa na ba ƙanenmu, wanda bai ga ta farko ba, yatsansa ya gangara hagu har ƙasa kafin ya hau tsakiya.

Na adana ta a PDF domin kada haruffa su sauya a kwamfutar mai bugawa. Gobe da safe zan kai.