Inda na kai wajen yanka jimlar Sinanci

'Yan'uwa masu koyon Sinanci, a wannan zango na rage haddar sababbin haruffa, na mayar da hankali ga abin da ya fi hana ni sauri a karatu, wato gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare a cikin layin da ba shi da tazara ko ɗaya. Aikin da nake yi shi ne in kwafi sakin layi daga jarida a kan takarda, in bi shi da fensir ina ja ɗan layi a tsaye duk inda nake ganin kalma ta ƙare, sannan in gwada yankana da na manhaja. Abin da na fahimta zuwa yanzu shi ne, takarda ba ta nuna iyakar kalma a Sinanci, mai karatu ne ke sa ta, kuma duk na'urar da za ta yi aiki da rubutun sai ta ɗauki wannan nauyi ita ma.

Dalilin rashin tazarar yana cikin yadda aka gina rubutun. Kowane harafi yana zaune ne a cikin murabba'i mai girma ɗaya da na maƙwabcinsa, yana wakiltar gaɓa ɗaya ta furuci, kuma a mafi yawan lokuta yana ɗauke da 'yar ma'anarsa. A tsohon Sinanci na adabi galibin kalmomi gaɓa ɗaya ne, saboda haka harafi da kalma kusan abu ɗaya ne, kuma babu abin da tazara za ta ƙara wa mai karatu. Yawancin tsofaffin littattafai ko aya da waƙafi ba su da su, ɗalibi ne yake koyon inda zai tsaya, ya sa 'yar alama da hannunsa a gefen layi. Sai a 1920 ma'aikatar ilimi a Beijing ta amince da alamomin rubutu na zamani, bayan shawarar da Hu Shi da wasu malamai suka gabatar a 1919, kuma a farkon 1956 jaridar Renmin Ribao ta koma bugawa daga hagu zuwa dama maimakon daga sama zuwa ƙasa. An karɓi aya, an karɓi waƙafi, an juya layi, amma ba a karɓi tazara ba, alhali harshen da ake rubutawa yanzu ya cika da kalmomi masu gaɓa biyu da uku. Daga nan matsalarmu ta taso.

A ganina akwai dalili na biyu da ya fi na tarihi nauyi, wato su kansu masu harshen ba su yi ittifaƙi a kan mene ne kalma ba. A wani bincike da Richard Sproat da abokan aikinsa suka buga a 1996, an ba masu harshen rubutu ɗaya su yanka, sai aka tarar sun dace da juna ne a kusan kashi uku cikin huɗu kawai. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin mu ma da muke da tazara a rubutun boko har gobe ana gyara wa marubuta "shine" zuwa "shi ne". Ƙasar Sin tana da ƙa'idar rubuta pinyin mai lamba GB/T 16159, wadda aka sabunta a 2012, kuma a cikinta ana haɗa gaɓoɓin kalma ɗaya a raba su da na gaba, sai dai wannan ya shafi rubutu da haruffan Romawa ne kaɗai.

Hanyar yanka da na fara gwadawa da hannu ita ce mafi tsufa a wajen masu na'ura. Ana riƙe ƙamus, a fara daga farkon jimla, a ɗauki kalma mafi tsawo da ƙamus ya sani, a yanke ta, a ci gaba daga inda aka tsaya. Ga jimlar da na yi aiki a kanta: 研究生命起源. A cikin ƙamus akwai 研究 mai nufin yin bincike, akwai 研究生 mai nufin ɗalibin digiri na biyu ko na uku, akwai 生命 mai nufin rai, akwai 起源 mai nufin asali. Idan aka faro daga hagu, kalma mafi tsawo ita ce 研究生, sai a yanke ta, 命 ya rage shi kaɗai, sannan 起源, abin da ya fito kuwa ya zama zancen ɗalibi da ƙaddara da asali, wanda ba shi da kai. Idan aka faro daga dama, ana samun 起源, sannan 生命, sannan 研究, wato binciken asalin rai, kuma wannan shi ne daidai. Duk rikicin a kan harafi ɗaya ne, 生, wanda zai iya bin na bayansa ko na gabansa. Alamar da na koyi lura da ita ita ce harafi guda da aka bari a tsakiya shi kaɗai ba tare da ya yi wani aiki a jimlar ba. Idan na ga haka, nakan koma baya in sake duba yankan da ya gabace shi. Nakan kuma yi yankan ta fuska biyu, domin inda sakamakon biyu suka saɓa, nan ne wurin da ke buƙatar tunani.

Don gwada aikina ina amfani da jieba, wata manhaja ta kyauta da ake aiki da ita a Python:

```python
import jieba
s = "南京市长江大桥"
print(jieba.lcut(s))
print(jieba.lcut(s, cut_all=True))
```

Layi na farko da ta buga yana raba jimlar gida biyu, 南京市 da 长江大桥, wato babbar gadar kogin Yangtze ta birnin Nanjing, wadda aka buɗe a 1968. Layi na biyu yana fito da duk kalmar da za ta iya ɓuya a ciki, har da 市长, wato magajin gari. Idan aka bi wannan yankan, jimlar za ta zama 南京 da 市长 da 江大桥, wato magajin garin Nanjing mai suna Jiang Daqiao, kuma nahawu bai hana wannan karatu ba, tunda Jiang sunan dangi ne da ake da shi. Manhajar ba ta zaɓi gadar don ta san Nanjing ba, ta zaɓe ta ne domin ƙamus ɗinta yana ɗauke da ƙididdigar yawan fitowar kowace kalma, sai ta bi yankan da lissafinsa ya rinjaya.

A wajen neman kalma a cikin rubutu da na'ura abin yana fitowa ta fuska biyu, kuma kowa zai iya gwada ta farko a cikin fayil ɗinsa. Idan aka nemi 和服, tufafin gargajiya na Japan, ta hanyar neman jerin haruffa kawai, za a samu duk wurin da aka rubuta 产品和服务, wato kayayyaki da hidima, domin 和 mai nufin "da" ya zauna dab da harafin farko na 服务. Wasu injinan bincike suna kauce wa ƙamus gaba ɗaya, suna yanka rubutu haruffa bibbiyu masu hawa kan juna, kamar yadda `CJKAnalyzer` na manhajar bincike ta Lucene yake yi. Wannan hanya ba ta cika rasa abin da ake nema ba, amma tana kwaso tarkace irin wannan. Injin da ke yanka da ƙamus kuwa yana tsallake wannan tarko ya faɗa wani, domin idan ya ajiye 长江大桥 a matsayin kalma ɗaya, wanda ya nemi 大桥 kaɗai yana iya tashi hannu rabbana. Shi ya sa jieba take da umarnin `lcut_for_search`, wanda yake ajiye doguwar kalma tare da ƙananan da ke cikinta. Ni dai a bayanan karatuna na fi son hanyar da ke kwaso tarkace, domin share abin da ban nema ba ya fi mini sauƙi a kan rasa abin da na san na rubuta.

Fassarar na'ura ta daɗe tana dogara ga wannan mataki, domin tsarin da ya yi tashe kafin wajen 2016 yana yanka jimla tukuna sannan ya nemi kwatankwacin kowane yanki, saboda haka kuskuren yanka yakan bi fassarar har ƙarshe. Sanannen misali shi ne 结婚的和尚未结婚的, wato waɗanda suka yi aure da waɗanda ba su yi ba tukuna, inda 和 da 尚未 suke maƙwabtaka, sai 和尚 ya ɓullo a tsakani, wato malamin addinin Buddha, ya shigo maganar da ba ruwansa. Tsarin zamani yakan yi aiki da haruffa ɗaiɗai ko guntayen kalmomi, ya bar mahalli ya warware sauran, kuma ya rage irin wannan kuskure sosai. Inda nake ganin yana tuntuɓe har yanzu shi ne sunayen mutane da na ƙananan garuruwa, musamman a gajeren take da ba shi da mahalli, domin Sinanci ba shi da babban baƙi da zai nuna cewa suna ne. Idan na ga dutse ko gada ko doki ya faɗo cikin fassara ba gaira ba dalili, nakan fara zargin cewa suna aka wargaza.

Karatu a bayyane shi ne inda na fi daɗewa, domin a nan yankan yana canza abin da baki zai furta. Harafin 长 ana karanta shi cháng a cikin 长江, ana karanta shi zhǎng a cikin 市长, saboda haka mai karanta jimlar gadar Nanjing ba zai iya furta harafi na huɗu ba sai ya riga ya yanke hukunci a kan jimlar duka. Haka 行 yake, háng ne a cikin 银行 mai nufin banki, xíng ne a cikin 旅行 mai nufin tafiya. Karin sauti ma yana bin yankan. Ƙa'idar da muka sani ita ce idan kari na uku ya biyo kari na uku, na farkon yana komawa kari na biyu, amma idan uku suka jeru sai an duba yadda aka gina kalmar. A cikin 展览馆, zauren baje koli, gaɓoɓi biyu na farko su ne a haɗe, saboda haka ana furta zhán lán guǎn. A cikin 小老虎, ƙaramar damisa, biyun ƙarshe ne a haɗe, saboda haka a furuci na tsanaki na farkon yana zama a ƙasa, a ce xiǎo láo hǔ. Manhajar da ke karanta rubutu da murya takan yi tuntuɓe a irin waɗannan wurare, kuma kunne yana kama ta nan take.

Saboda haka na canza tsarin atisayena. Kafin in buɗe baki, nakan bi jimla da ido har zuwa waƙafi, in nemo ƙananan haruffan nahawu irin 的 da 了 da 在 da 是, waɗanda sau da yawa suke tsayawa a bakin iyaka, duk da cewa ba kullum ba, domin 的 yana cikin 目的 mai nufin manufa, inda ake furta shi dì. Bayan haka in sa da'ira a kan sunaye da lambobi, sannan in yanka abin da ya rage. A zango mai zuwa zan ajiye fensir, in ɗauki labarai masu murya daga rediyo tare da rubutunsu, in riƙa lura da inda mai karanta labarai yake ɗan dakatawa a cikin doguwar jimla, in gwada shi da inda ni zan dakata.