Hoton jadawalin da ya karkace, da giram 5.95 da suka rage

Tsaye nake a bayan aji lokacin da na ɗauki hoton jadawalin da ke kan allo, don haka ya fito a karkace. Jadawalin ruɓewar aidin-131 ne, wani nau'in sinadarin aidin mai fitar da radiyeshin, wanda yake raguwa da kansa a hankali: kwanaki a hagu, 0, 4, 8, 12, 16, nauyi a dama, giram 80, 56.6, 40, 28.3, 20. An tambaye mu giram nawa za su rage bayan kwana 30.

Abu na farko shi ne gano rabin rayuwar sinadarin, wato tsawon lokacin da yake ɗauka kafin rabinsa ya ruɓe. Na nemi inda 80 ya koma 40, sai karkacewar hoton ta ja idona layi ɗaya sama, na ga kamar 40 yana gaban kwana 4. Da haka na yi lissafi, na sami giram 0.44. Raina bai kwanta ba. Abin da yake giram 20 a kwana na 16, yaya zai kusa ƙarewa cikin mako biyu?

Sai na kwafe jadawalin a takarda, layi bayan layi, ina ƙirgawa daga sama maimakon bin ido. Daga 80 zuwa 40 kwana 8 ne, daga 40 zuwa 20 ma kwana 8, haka daga 56.6 zuwa 28.3. Wannan gwajin ne ya fi yi mini amfani: ko daga wane layi aka fara, tazarar rabewa ɗaya ce, in ta bambanta to an yi kuskuren karatu. Shi ne ma ya tabbatar mini da ɗigon 28.3, wanda hasken taga ya shafe har ya yi kama da 283.

Daga nan na raba 30 da 8, na sami 3.75, na sa a ƙa'idar nan, inda N0 shi ne nauyin farko, t kwanakin da suka wuce, T rabin rayuwa, N kuma abin da ya rage:

```
N = N0 × (1/2)^(t/T)
N = 80 × 0.5^3.75 ≈ 5.95
```

Kafin in taɓa kalkuleta na riga na san iyakar amsar, domin a kwana na 24 saura giram 10, a na 32 saura 5. Wani abokina ya raba raguwar giram 5 ɗin nan daidai-wa-daida a kan kwana 8 ɗin, ya sami 6.25 a kwana na 30. Ya yi kusa, amma bai dace ba, saboda ruɓewar ta fi sauri a farkon kowace tazara, sannan ta riƙa lafawa yayin da abin ke raguwa.

Giram 5.95 ɗin nan aidin-131 ne kaɗai. Sauran giram 74 da ɗoriya ba ɓacewa suka yi ba, sun rikiɗe ne zuwa iskar zenon-131.