Yadda na miƙe ƙarfen lemata bayan iska ta lanƙwasa shi

Ranar da iska ta juya min lema, na gyara ta da hannu na rufe, ina ganin shi ke nan. Washegari na zo buɗewa, zoben nan da ake turawa sama a jikin sanda ya kai rabi ya cije. Na zaci tsatsa ce, na ɗiga masa man keken ɗinki, na tura da ƙarfi. Bai motsa ba, man kuma ya ɓata min ƙyallen, har yau tabon yana nan.

Sai da na kifa lemar a ƙasa na bi ƙarafanta 8 ɗaya bayan ɗaya, sannan na gano inda matsalar take. Ɗaya ya lanƙwashe dab da inda ɗan ƙarfen da ke tokare shi ya haɗu da shi. Tunda wancan ɗan ƙarfen a jikin zoben yake, sai yana jan zoben gefe guda, zoben ya karkace ya kama sanda. Ashe duk turin da nake yi ƙara lanƙwasa shi nake.

Ƙarfen lema ba dunƙulalle ba ne. In ka duba da kyau, yana da kwari a tsakiya kamar indararo, kuma ƙarfinsa duk a wannan kwarin yake. Inda ya lanƙwashe, bakin kwarin ya baje. Na warware zaren da ya ɗaure ƙyallen a wurin, na naɗe bakin filaya da tsumma, na riƙa miƙe shi kaɗan kaɗan. Ban yarda na wuce da shi ɗaya ɓarin ba, domin ƙarfe siriri in aka kai shi aka dawo da shi sau biyu ko uku, tsagewa yake yi. Da ya miƙe, na kwantar da ƙaramar ƙusa a cikin kwarin, na matse gefe da gefe a kanta har siffarsa ta dawo, na zare ƙusar.

Wurin da ya taɓa lanƙwashewa ba ya komawa da ƙarfinsa na da, don haka na yi masa ɗori. Na yanko waya mai tauri, tsawon santimita 6, na sa a kwarin, na naɗe da zare mai ƙwari, na ɗiga gam. Na kula wayar ba ta kai gaɓa ba, don kada ta hana lemar rufuwa.

Zoben kuwa da kansa ya saki. 'Yar tsatsar da ke kan sandar na goge da samfefa mai laushi, na shafa kyandir maimakon mai, saboda kyandir ba ya kama ƙura. Na mayar da ɗinkin ƙyallen, na buɗe na rufe kamar sau goma, zoben yana hawa har ya kama makamarsa.